Robar Kiriyatin a Kwandon Goron Inna

Ƙanena ya fara kokawa tun bai iya ɗaura wando ba, kuma ya iya ta, ba don yana ƙanena na faɗa ba. A Cadawa babu wanda bai san shi ba. Abin da bai taɓa samu ba shi ne a zaɓe shi cikin waɗanda za su tafi Maraɗi da sunan yankinmu. Kowace shekara da kaka sai a tara 'yan kokawa a Agiye, a kara su, a ɗebi na ɗiba, shi kuwa ya dawo gida da ƙasa a baya da hujja a baki. A shekarar da nake magana, wadda sojoji ke riƙon ƙwarya ana ta shirin mayar da mulki ga farar hula, gwiwarsa ta dama ta fara damunsa, yaran da suka taso bayansa kuma sun yi ƙwanji. Da bakinsa ya ce bana ce ta ƙarshe. In an ɗauke shi, to. In ba a ɗauke shi ba, zai kwance layunsa ya koma gona.

Ni ce yayarsa, 'yar fari, shi ne auta. A lokacin ina aiki a ɗakin magani na likitar Agiye, wato asibitin garin, ina miƙa wa mutane ƙwayoyi ta taga. Ina zuwa gida in na samu sarari. Mahaifinmu ya rasu, saura Inna, wadda ke sayar da goro a ƙofar gida da ranar kasuwa. Inna ba ta kiran sunana saboda kunyar ɗan fari, sai dai ta ce "ke wagga". Shi kuwa Auta, bakinta bai gajiya da kiransa.

Da farkon damina na zo gida na tarar da shi rungume da wata farar roba mai murfi, kai ka ce jariri aka ba shi. Ya sayar da ragonsa, wani direban babbar mota abokinsa ya sayo masa ita daga kudu. Ya ce sunan abin kiriyatin, masu ɗaga ƙarfe a birni ke sha. Na buɗe, farin gari ne lukui, babu wari. A ciki akwai ɗan cokalin roba na awo, da wani ɗan ƙulli na takarda mai tsakuwa a ciki.

Ban yarda da abin ba, don haka da na koma aiki na kwafi rubutun jikin robar na nuna wa lokotoronmu, mai duba marasa lafiya. Ya ce ba magani ba ne, ba kuma tsafi ba. Yana ɗan taimakon mai motsa jiki da gaske, in ya riƙa shan awo ɗaya kullum yana kuma shan ruwa sosai, sannu a hankali yake taruwa a tsoka. Ya ce in garin yana bushe, a rufe, zai yi shekaru bai yi komai ba, zafinmu ma bai cika damunsa ba. Ruwa ne abokin gabansa. In an dama shi a sha nan take, don in ya daɗe a jiƙe, balle cikin abu mai tsami da zafi, sai ya rikiɗe ya zama abin da ba ya amfana wa tsoka komai. In ya ɗan dunƙule saboda danshi, ba lalacewa ba ce. Amma in ya sake launi, ko ya yi wari, ko funfuna ta fito masa, to a zubar.

Na ɗauko wannan bayani tsaf na kai gida, na zaunar da su na karanta musu kamar malamar lakol, makarantar boko. A ajiye shi wuri busasshe, a rufe gam, kada jiƙaƙƙen cokali ya shiga. Auta yana ta gyaɗa kai yana kallon ƙofa, don abokansa na jiransa. Inna ta ce, "To, mun ji." Na san wannan "mun ji" ɗin tun ina yarinya, amma na yi wa kaina daɗin baki na ce wataƙila wannan karon da gaske ne.

Sai a ga ɗakin da zai ajiye robar. Ɗakin kwano ne a bakin zaure, da rana kamar tanda, in an yi ruwa kuma kusurwa guda tana yoyo. A nan yake shanya jiƙaƙƙun gajerun wandunansa, a nan ƙartin abokansa ke cunkushewa bayan sun gama ɗaga gwangwanayen siminti, kowa na tsiyayar gumi. Duk wanda ya shigo sai ya ce a buɗe masa ya gani. Wasu har da dangwala yatsa su lasa. Wani da ya ɗan yi lakol ya karanta rubutun jikin ɗan ƙullin nan ya ce an rubuta kada a ci, don haka guba ce. Suka jefar da shi bayan katanga suna murna sun ceci rai. Ɗan ƙullin da aka saka musamman don ya tsotse danshi!

Ruwa ya zauna sosai, sai ga saƙo wajen wani ɗan kabu-kabu, wai in zo maza, maganin Auta ya mutu. Na zo na tarar da shi zaune ya yi tagumi. Garin ya cure ya zama gudaji-gudaji, wani ma ya manne a gindi. Don ya farfasa shi ya riƙa buga robar da bango har murfin ya tsage. Abokansa sun riga sun yanke hukunci: ƙarfin ya fita, sai zubarwa.

Na fito da robar waje cikin haske. Fari ne fat. Na sunsuna, babu wari. Na ɗauki curi ɗaya na murza, ya watse a yatsuna. Na juya gindin robar, kwanan watan da aka buga yana can gaba da nisa.

Na ce, "Lafiyarshi lau. Danshi ya sha, ya dunƙule, ba komi ba ne."

Ya ce, "Yaya, ki duba da kyau hwa. Ragona na nan ciki."

Na juye shi a busasshen tire, na murƙushe da bayan cokali, na tankaɗe, na goge robar na mayar. Na zo da 'yan ƙulli guda biyu irin wanda suka jefar, waɗanda muke samu cikin kwalayen magani, na saka a ciki. Na ce masa waɗannan ba a ci, ba a kuma jefarwa. Na ce ya sa leda a bakin robar kafin ya rufe tunda murfin ya tsage, ya fitar da ita daga wannan ɗakin. Na tafi ina jin na yi abin kirki.

Abin da ban sani ba, Inna tana gefe tana nata lissafin. A wurinta duk abin da ya lalace a duniya zafi ne ya lalata shi. Shekara da shekaru tana riƙon goro, ta san in ka bar shi ya sha iska da zafi sai ya yanƙwane, ya zama asara. Maganinsa a lulluɓe shi da ganye da jiƙaƙƙiyar algarara, a ajiye a gindin randa, a riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma. Haka take yi wa duk abin da take ji da shi. Da na ce a fitar da robar daga ɗakin Auta, sai ta karɓe ta, ta ce daga yau ita za ta riƙe, ita za ta riƙa dama masa. Auta ya ji daɗi, an ɗauke masa aiki. Ni ma da na ji labari na ji daɗi, na ce ai gwamma hannun Inna da na waɗancan ƙartin.

Daga nan zazzaɓin damina ya rufe mu a likita. Layi tun daga taga har bakin titi, mata da yara a baya, ba hutu ba zuwa gida. Sai saƙon baki: Auta na nan na ta ƙoƙari, ya ƙara cika, ya kayar da wane ya kayar da wane. Ban samu kaina ba sai da aka fara yankan gero, ana saura 'yan kwanaki a kara su a Agiye.

Na iso da hantsi. Auta ya fito daga bayan gida yana riƙe da buta, fuska a yamutse. Na tambaye shi, ya ce ba komai, ciki ne ke ɗan murɗa masa kwana biyu, yana zagayawa. Ya wuce wurin abokansa. Inna ta shiga maƙwabta. Na shiga ɗakinta neman ruwan sha, na ɗaga algarara don in ɗauki goro ɗaya, sai ga farar roba kwance a tsakiyar kwando, goro kewaye da ita, ruwa na ɗiga a jikinta.

Na tsaya riƙe da moɗa na kasa sha. Babu leda a bakinta. Ruwan yayyafi yana bin tsagar murfin yana shiga abinsa. Na buɗe, wani wari ya buge ni, irin na tsumman da ya kwana a jiƙe, da ɗan tsami-tsami. Garin da na bari fari fat ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, ya yi caɓal a gindi, gefe-gefe kuma ga ɗige-ɗige baƙaƙe da wani toka-toka mai gashi. 'Yan ƙullina sun sha ruwa sun gaji, takardarsu ta yi laushi. Cokalin awon yana ciki da busasshen kunu a jikinsa. Ashe da shi take ɗiba, da shi take juya kunun, ta mayar da shi yadda yake. An ba funfuna ruwa, an ba ta gero, an ba ta duhu, me zai hana ta zama?

Inna ta shigo ta same ni a haka.

Na ce, "Inna, mi ya kawo wannan cikin goro?"

Ta ce, "Ke wagga, nan ad da sanyi. Duk gidan ga babu wurin da ya kai shi."

"Na ce busasshe, Inna. Busasshe na ce."

"To ai zahi ya ɓata shi can. Nan ko tun da na sa shi bai sake yin tauri ba, laushi garai."

Laushi gare shi! Na ji kamar in zauna a ƙasa in yi ihu. Na kai mata robar kusa da fuska. Ta sunsuna ta ce ita ba ta ji komai ba, ai ƙanshin goro ne. Idonta ya riga ya yi rauni, ɗakin kuma duhu, kullum da sassafe take ɗiba. Ta gaya mini, tana alfahari, cewa ba ta taɓa ɗiba ba sai ta buɗe ta yi addu'a ta tofa a ciki.

Na aika aka kira Auta. Na fito da robar tsakar gida, na goge ruwan jikinta da gefen zanena, na miƙa masa. Tunda Inna ta karɓa bai sake leƙa cikinta ba. Ya duba, ya ɗan ja da baya, sannan ya daure fuska.

Ya ce, "A kankare saman, na ƙasan lahiya lau ya ke."

Na ce, "Na ƙasan ya hi ruɓewa. Wannan ya tashi daga aiki. Shi ka murɗa maka ciki, ko na rantse ba ni kaffara."

"Ba ke kika ce in ya dunƙule ba komi ba?"

"Na ce, ranar da yake hwari, babu wari. Yanzu dubi launinshi. Kana da hanci ko babu?"

Ya juya gindin robar ya nuna mini kwanan wata da yatsa, kamar wanda ya kama ni da sata. "Ga shi nan, bai cika ba. Masu abin sun hi ki sani."

Na ce masa wannan kwanan watan alkawari ne ga robar da aka ajiye a rufe a bushe, ba ga wadda ta sha ruwa ba. Na ce masa abin da ya sha a watannin baya yana nan a jikinsa, ba ya zubewa rana ɗaya, sai an yi makonni kafin ya ragu, zai kai shi ranar karawa har ya wuce. Na ce abin da zai kayar da shi zawo ne, ba rashin cokali guda ba. Duk wannan gaskiya ce, lokotoro ya faɗa mini, amma kamar da randa nake magana.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, mutanen nan da suka tashi zubar da shi ranar da yake lafiyayye, yau da ya ruɓe su ne suka kafe sai an sha. Abokansa sun cika zaure suna ba da fatawa. Wani ya ce a shanya a rana. Wani ya ce a soya sama-sama a kasko. Wani ya ce a dama duka a bido, wato jarka, da ruwan tsamiya ya riƙa kurɓa har ranar. Na ce rana za ta busar da shi amma ba za ta cire abin da funfuna ta zuba a ciki ba, bidon tsamiya kuwa shi zai ƙarasa kashe ɗan abin da ya saura.

Sai Auta ya sa yatsa ya zaro ɗaya daga cikin 'yan ƙullina, jiƙe sharkaf, ya ɗaga sama kowa ya gani.

Ya ce, "Ga abin da ya ɓata shi. Mun hidda guba, kin maido guda biyu. Kahin ki sa wannan hwari ne."

Zaure ya ɗauka: ƙwarai kuwa, ai an rubuta kada a ci.

Amsa tana bakina. Taku kaɗan ne zuwa ɗakin Inna, in ɗaga algarara in nuna musu ramin da robar ta yi a tsakiyar goro. Na juya, sai na ga Inna tsaye a bakin ƙofarta da moɗar yayyafi a hannu, yatsunta na ɗigar ruwa. Ba ni take kallo ba, cikin robar take kallo, yanzu da take cikin rana. Na ga ta matso ta ƙanƙance ido. Na ga lokacin da ta gani.

Na haɗiye maganata. Na fizge robar daga hannunsa, na nufi bayan gida, na juye ta a masai, na buga gindinta har caɓalin ya faɗa. Na fito na ajiye masa robar a gabansa. Ban taɓa ganin ƙanena ya dube ni irin wannan duban ba. Bai zage ni ba, ni yayarsa ce. Ya dai ce, "Kin kyauta," ya fita. Na bar masa gishirin zawo wajen Inna, na hau mota ina huci har Agiye.

Cikinsa ya lafa kafin ranar. Na je filin, na tsaya can baya cikin mata. Makaɗa na yi, ƙura na tashi, ya shigo da layunsa, jikinsa a cike kamar yadda aka ce. Amma ni da na goya shi na san tafiyarsa, wannan tafiyar ta wanda aka yi wa sata ce. Ya kayar da na farko. Na biyu wani yaro ne dogo daga wajen Gazawa, suka daɗe suna riƙe da juna, yaron ya gano gwiwar nan ya bi ta. Auta ya kai hannu da gwiwa ƙasa, a dokar kokawarmu kuwa faɗuwa ke nan. Ko gwiwa ce, ko zawon da ya yi, ko zuciyar da ta karye, ko kuwa yaron ya fi shi ne kawai, Allah kaɗai ya sani. A Cadawa dai ba su yi wahalar bincike ba. Kafin mota ta kai su gida an gama magana: yayarsa ta zubar masa da ƙarfi a masai.

Ya kwance layu kamar yadda ya ce. Ya koma gona, ya yi aure, yana da 'ya'ya, muna zumunci. Bai sake tayar da zancen ba, sai dai duk ranar da aka sa kokawa a rediyo ina wurin, sai ya tashi ya ce zai duba dabbobi. Har yau in na ratsa kasuwa akwai tsofaffin abokansa da ke ce mini "likita mai zubarwa", suna dariya. Ina dariya ni ma, amma raina ba ya so. Na yi gaskiya tun daga farko har ƙarshe, kuma ban ci ribar ta ko ta ƙwayar gero ba.

Bayan karawar da 'yan kwanaki na je gida. Auta yana gona. Na sami Inna tana tsince goro, tana ware masu tsutsa. Ta wanke robar nan tas, ta kife ta a kan danga tana shan rana. Na zauna ina taya ta. Can, ba tare da ta ɗago ba, ta kira sunana. Sunana na yanka, wanda ban taɓa ji a bakinta ba.

Ta ce, "Gaya mini tsakani da Allah. Ni na ɓata mishi, ko?"

Tun ranar masai nake jiran wani ya yi mini wannan tambayar. Na tanadi amsa, na jera ta, na maimaita ta a mota da wurin aiki: algarara, yayyafi, tsagaggen murfi, cokalin kunu. Na dubi hannunta a kan goron.

Na ce, "A'a, Inna. Daminar bana ce ta yi ruwa da yawa."

Ta zaɓi wani farin goro babba, irin wanda take ɓoye wa manyan baƙi, ta goge shi da bakin zanenta ta sa mini a hannu. Sannan ta jawo algarara ta rufe sauran.